Rancen da Ake Biya Wata-Wata: Daga Ina Ƙarin Yake Fitowa?

Jawabin da aka gabatar a taron reshe



An nemi in yi bayani a kan rancen da ake cirewa daga albashi wata-wata. Kusan kowa a wannan zaure ko dai ya taɓa ci, ko ya tsaya wa wani, kuma ƙorafin da aka fi ji ɗaya ne: na karɓi kaza, na biya fiye da kaza, ina sauran ya tafi? Zan ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe, kamar yadda muke yi wa ɗalibai a kan allo. Alƙaluman na misali ne, ba na wani banki ba.

A ce wata malama ta ranci naira 600,000 domin ta rufa ɗakin da ta gina, za ta biya cikin wata 12, kuɗin ruwa kashi 3 cikin ɗari a kowane wata. Abin da ta karɓa shi ake kira uwar kuɗi. Kuɗin ruwa kuwa shi ne abin da mai ba da rance yake caja saboda kuɗinsa sun zauna a hannunta na wani lokaci. Ke nan abubuwa biyu ne suke haifar da ƙarin: yawan kuɗin da ke hannunta, da tsawon lokacin da suka yi a wurinta.

A wata na farko duk 600,000 suna kanta, don haka ruwan watan shi ne 18,000. Bankin ya riga ya tsara mata biya iri ɗaya kowane wata, wato kimanin 60,277. Idan aka cire wannan daga albashinta, ruwa ake fara ɗauka, sai ragowar 42,277 ta tafi wajen rage uwar kuɗi. Bashin ya koma 557,723. A wata na biyu a kan wannan ragowar za a lissafa kashi 3, sai ruwan ya sauko zuwa 16,732, abin da ya shiga uwar kuɗi ya hau zuwa 43,545. Haka za a yi ta tafiya, ruwa yana raguwa, rabon uwar kuɗi yana ƙaruwa, alhali abin da ake cire mata bai canza ba. A wata na ƙarshe ruwan bai wuce 1,756 ba. Idan aka tara biyan wata 12, ta biya kimanin 723,300. Ƙarin ya kama 123,300.

Akwai abin da yake ba mutane mamaki a nan, har ya kai su ga zargin an cuce su. Idan malamar ta sami kuɗi bayan wata shida, ta je ta ce za ta biya sauran gaba ɗaya, a ranta tana lissafin 300,000, tunda rabin lokaci ya wuce. Sai a ce mata saura kimanin 326,500. Ba kuskure aka yi ba. Biyan watannin farko ruwa ya fi cin rabo a cikinsa, domin a lokacin ne bashin ya fi nauyi.

Wannan shi ne lissafi a kan ragowar bashi. Amma akwai wani lissafin, kuma shi na fi so ku riƙe daga wannan zama. Wasu masu ba da rance, musamman ƙananan bankuna da kamfanonin da ke bin ma'aikata har ofis da takardar cikewa, suna lissafa ruwan ne a kan uwar kuɗin farko daga wata na ɗaya har na ƙarshe, kamar ba a taɓa biyan ko kwabo ba. Su ma kashi 3 za su ce. Sai dai a wurinsu 18,000 ne kowane wata har sau 12, wato 216,000. Jimillar biya ta zama 816,000, ana cire 68,000 duk wata.

Ku duba da kyau. Kuɗi ɗaya, lokaci ɗaya, kashi 3 a bakin kowa, amma bambancin ya haura 92,000. A watan ƙarshe uwar kuɗin da ta rage wa malamar 50,000 ce kawai, duk da haka ana karɓar ruwan 600,000 a hannunta. In da za a auna wannan rance da ma'aunin farko, ruwansa na gaskiya ya ɗan haura kashi 5 a wata. A ganina, wanda ya ce maka kashi 3 bai gaya maka a kan me yake lissafawa ba, rabin magana ya faɗa maka.

Ta yaya za a gane? A nemi jadawalin biya kafin a sa hannu, a dubi layin kuɗin ruwa. Idan yana raguwa wata bayan wata, a kan ragowa ake lissafi. Idan adadi ɗaya ne daga sama har ƙasa, a kan uwar kuɗin farko ne. In an hana jadawali, to a ninka biyan wata da yawan watanni, a cire abin da zai shigo hannu. Ɗan aji huɗu na firamare zai iya wannan. Na ce abin da zai shigo hannu da gangan, saboda sau da yawa ana zare kuɗin gudanarwa da na inshora tun kafin kuɗin su iso asusu. In an zare 12,000, malamar 588,000 ta gani, amma ruwan 600,000 za ta biya.

Sai batun tsawaita lokaci, wanda ni kaina na san daɗinsa a kunne idan albashi ya yi kaɗan. Da malamar ta zaɓi wata 24 a lissafin ragowa, biyan wata zai sauko zuwa kimanin 35,430, ta sami sararin cefane. Amma jimilla za ta kai kimanin 850,300, wato ƙarin ya tashi daga 123,300 zuwa 250,300, ya ninka har da ɗoriya. Ban ce kada a zaɓi dogon lokaci ba. Wani gidan ba zai iya ɗaukar 60,000 a wata ba. A dai zaɓa ana sane da farashinsa.

Na san da yawa daga cikinmu ba sa kusantar rancen ruwa saboda haramcin riba, kuma hukuncin wannan na malaman addini ne. Abin da zan ƙara ta fuskar lissafi shi ne, a tsarin murabaha da bankuna marasa ruwa suke yi, bankin ne yake sayen kayan, misali kwanon rufi, ya sayar maka da riba sananniya, ka biya kashi-kashi. A nan ma jimillar ta fi kuɗin kayan a kasuwa, sai dai farashin an yanke shi tun ranar ciniki. Lissafin ninka biyan wata da yawan watanni yana aiki a nan ma.

Tambaya ɗaya ta rage wadda ta shafe mu musamman, mu da albashinmu yakan yi jinkiri. A tambayi mai ba da rance, kuma a ga amsar a rubuce cikin yarjejeniya: idan albashi bai shigo ranar da aka sa ba, akwai tara? Nawa ce, kuma a kan biyan watan kaɗai ake ɗora ta ko a kan duk ragowar bashin? Wanda zai tsaya wa abokin aikinsa ma ya karanta wannan sashe, domin idan biya ya tsaya, ƙofarsa za a ƙwanƙwasa.

Shugaba, a nan zan dakata. Wanda ya zo da takardar rancensa yana iya kawowa bayan an tashi, mu duba jadawalin tare.