Nawa Za Mu Riƙa Zubawa Kafin Satumba Ta Zo?

Shugabarmu, iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu na Dutsin-Ma da waɗanda suka taso tun da safe daga Kurfi, sannunku da zuwa. Allah ya maimaita mana wannan rana, ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka.

An ce mu 'yan kasuwa mu yi magana a kan ajiyar kuɗin makaranta. To, ba sai an koya mana ajiya ba, tun muna 'yan mata muke zubin adashi. Abin da ke kayar da mu shi ne adadin da muke zubawa. Mukan zuba abin da ya sawwaƙa, mu ce Allah ya sa ya isa, sai ranar biya ta zo mu tarar rabi muka tara. A bara akwai 'yar'uwarmu a nan da ta yi wata goma tana zuba naira 6,000, ba ta taɓa fashi ba, ta haɗa 60,000 cif, kuɗin makarantar ɗiyarta. Da Satumba ta zo sai ga yunifom, ga littattafai, ga kuɗin mota. Akuyarta mai ciki ta ja zuwa kasuwar Laraba ta sayar yadda ta samu, don mai saye ya ga gaggawa a fuskarta. Ita ce ta ce mu ba da labarin, don kada wata ta maimaita.

Bari mu sake yin lissafinta tare, kamar yau muke farawa a watan Nuwamba, yarinya kuma za ta koma makaranta a Satumba. Adadin da za mu faɗa misali ne, kowa ta sa nata a gurbinsa.

Abu na farko, mu san duk abin da za a kashe, mu daina tsayawa a kan wanda aka rubuta a takardar makaranta. A je a tambaya, kada a yi kintace. A nata, kuɗin makaranta 60,000 ne. Yadi da ɗinki da hijabi da takalmi da littattafai sun ci 25,000. Kuɗin mota da guzuri da sabulu da 'yan kunji-kunji 15,000. In aka haɗa, naira 100,000 ke nan. Kun ga tun daga nan an bar ta a baya da 40,000, ba ta ma sani ba.

Amma wannan farashin yau ne, mu kuma sai nan da wata goma za mu saya. Duk wadda ke zama a kasuwa ta ga yadda kuɗin mota da na kaya suka yi tsalle bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Saboda haka mukan ɗora wani abu a kai. Mu dai abin da muka ga ya fi mana kwanciyar hankali shi ne a ƙara kashi ɗaya cikin biyar, wato a kowace naira 5,000 a ɗora 1,000. A kan 100,000 an ɗora 20,000, ya zama 120,000. In kaya ba su tashi haka ba, alhamdu lillahi, rarar ta zama somin zango na biyu.

Sai a cire abin da ke hannu. Muna nufin kuɗin da ke ajiye yanzu da sunan wannan buƙata. Bashin da muke bin wata ba ya ciki, alkawarin da kawun yarinya ya yi ranar suna shi ma ba ya ciki, sai ranar da ya shigo hannu. A ce tana da 15,000 a asusun ƙungiya. An cire daga 120,000, saura 105,000. Wannan shi ne ainihin abin da za a tara.

Yanzu ga inda muka fi yin kuskure, wato ƙirgen watanni. Ku ɗaga yatsu mu ƙirga tare: Nuwamba, Disamba, Janairu, Fabrairu, Maris, Afrilu, Mayu, Yuni, Yuli, Agusta. Goma. Ba mu sa Satumba ba, don zubin ƙarshen Satumba yakan zo ne bayan an riga an koma makaranta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗi su cika a ƙarshen Agusta, a samu sararin zuwa wajen tela da sayen littattafai.

To, a cikin goman nan, tsakani da Allah, sau nawa za mu iya zubawa? Watan azumi da ƙaramar Sallah ga cefane ga ɗinkin yara. Babbar Sallah ma haka. Tsakiyar damina kuma rumbu ya yi ƙasa, kuɗi sun tafi taki da noma, masu saye sun ragu, bashi ya yi yawa a tebur. Wata uku ke nan da mun san ba za mu zuba ba. Gara mu cire su tun yau a takarda, da mu bari su cire kansu daga baya. Goma a cire uku, saura bakwai.

Kowa ta duba sana'arta a nan. Mai ƙosai da kunu da mai sayar da ƙanƙara, azumi ne kakarsu, su a watan ne ya kamata su ninka zubi. Mai ɗinki da mai kitso da lalle, kafin Sallah suke samu. Mai hatsi daban, mai kayan miya daban. Sannan a riƙa duba kalanda duk shekara, don makaranta da watan Bature take aiki, azumi da Sallah kuwa suna matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara. Watan da muka cire bana ba lallai shi za mu cire nan da shekara uku ba.

Sai rabawa. 105,000 a raba gida bakwai, kowane gida 15,000. Wadda ke da waya ta danna a kalkuleta. Wadda ba ta saba ba, ga yadda muka fara koya a ajin yaƙi da jahilci: a ƙirgo ƙwayar wake 105, kowace ƙwaya naira dubu ce, a zana gida bakwai a ƙasa, a riƙa sa ɗaya-ɗaya har su ƙare. Za ki tarar da 15 a kowane gida. In 'yan ƙwayoyi sun rage a hannu, a ƙara wa kowane gida ɗaya, don gara a yi rara da a yi giɓi.

Ku dubi tazarar: 'yar'uwarmu 6,000 take zubawa, alhali 15,000 buƙatar ke nema. Ba rashin ƙoƙari ya kayar da ita ba.

Mun san akwai wadda gabanta ya faɗi da jin 15,000. Mu ba albashi muke ɗauka ba, don haka mu mayar da shi yadda kuɗi ke shigo mana. Mai ciniki kullum, naira 500 ce a rana in kwana 30 ne. In kwana 25 take fita a wata, saboda biki da suna da rashin lafiya, 600 ce. Mai jiran ranar kasuwa, Laraba huɗu a wata, 3,750 kowace Laraba. Watan da ya zo da Laraba biyar, ta biyar ɗin a zuba ta ita ma, za ta yi rana.

Akwai kuma abin da ke zubewa a hanya. Masu zagayawa karɓar zubin kullum galibi sukan ɗauki zubin rana ɗaya a wata a matsayin ladansu. In 500 kike bayarwa, 14,500 za ki karɓa, ba 15,000 ba. A wata bakwai an rasa 3,500, kuɗin wasu littattafan ke nan. Haƙƙinsu ne, ba mu ce kada a ba su ba, amma a sa shi a lissafi. Haka cajin masu POS in ta waya ake ajiya.

In kuma ta adashi za a bi, tambayar farko ga uwar adashi ita ce: wane wata zan kwasa? Kwasar Oktoba ba ta biyan kuɗin Satumba. Kwasar Janairu kuma tana da nata haɗarin, don kuɗi a ɗaka har wata takwas sai sun samu mai nema, ko biki ko ramce. In kwasa ta zo da wuri, a sayi abin da ba ya lalacewa tun lokacin, kamar yadi da jaka, sauran a kawo asusun ƙungiya a rubuta da sunan makaranta. Wasu kan sayi hatsi da kaka su ajiye, amma mun ga shekarun da farashi ya faɗi maimakon ya tashi, ga kuma ƙwari. Kada a sa duk kuɗin makaranta a buhu.

To, in an yi fashi fa? Za a yi, mu mutane ne. Abin yi shi ne a sake rabawa a watan, kada a ce za a cike nan gaba. Ku ji bambancin. In zubin farko aka rasa, 105,000 a raba shida, 17,500 ne, ƙarin 2,500 kawai. In an yi uku aka rasa na huɗu, an tara 45,000, saura 60,000 a zubi uku, wato 20,000 kowanne. In na shida aka rasa, na ƙarshe sai ya zama 30,000, a nan ne ake jan akuya kasuwa. Shi ya sa muke cewa a matsa tun yanzu da kaka, lokacin da kuɗi ke hannun mutane. Wadda ta iya zuba 20,000 a Nuwamba da Disamba ta sauƙaƙa wa kanta damina.

Wata kuma za ta yi lissafin ta ga ribarta gaba ɗaya ba ta kai nan ba. Wannan ma amfanin lissafin ne, don ta sani tun da sauran wata goma. Sai ta zauna da maigida a raba nauyin, shi ya ɗauki kuɗin makaranta, ita ta ɗauki kaya. Ko a rage, a ce yunifom ɗin yayarta zai yi wani zangon. Ko a yi kiwon ɗan akuya da niyyar sayarwa gab da babbar Sallah, lokacin da dabba ke daraja. Abu ɗaya ne kawai muke roƙo kada a yi: kada a ci uwar kuɗi. Alamarsa a fili take. In kina cika zubi amma sarin da kike yi yana raguwa, jiya buhu yau rabin buhu, to jarinki kike zubawa, kuma baɗi babu abin da zai biya kuɗin makarantar.

Wannan lissafin bai tsaya kan Satumba ba. Mai ɗa a ajin ƙarshe na sakandare, rajistar WAEC da NECO da JAMB tana zuwa ne watanni kafin jarrabawar, don haka ranar rufe rajista za a tambayo a makaranta a ƙirgo baya daga nan. Mai fatan ɗiyarta ta shiga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ko Jami'ar Tarayya da ke nan Dutsin-Ma, ta fara tun yarinyar na aji biyar. Haka kayan ɗaki, haka kuɗin haya.

A taron wata mai zuwa kowa ta zo da abu uku, a takarda ko a ka: nawa ake nema, wace rana ake nemansa, nawa ke hannu. Mu da muka ɗan iya biro za mu zauna da sakatariya mu raba wa kowa nata, a rubuta a bayan katinta.

Allah ya sa albarka a cinikinmu, ya raya mana zuri'a, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mai da kowa gida lafiya.