Daga Koken Asibiti Zuwa Tambayar Bincike: Tsarin PICO da Yaran Tamowa a Isa da Sabon Birni



Wata ɗalibata, 'yar wannan yanki, ta taɓa kawo mini taken bincikenta: matsalar tamowa a ƙaramar hukumar Sabon Birni. Na ce mata, 'yata, abin da kika rubuta gaskiya ne, amma wace amsa kike nema? Ta ce, Malam, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne iyaye mata da ke fara kawo yaro karɓar abincin tamowa, mako biyu ko uku sai mu daina ganinsu. Na ce to, yanzu kika zo wurin. Sauran aiki shi ne mu mai da wannan koke tambayar da za a iya aunawa, kuma da shi za mu wuni yau.

Tsarin da ake kira PICO ya samo asali ne daga wata gajeriyar maƙala da Richardson da abokan aikinsa suka buga a 1995. Haruffa huɗu ne na Turanci, kowanne da tambayarsa. P, su wa ake magana a kansu? I, me za a yi musu? C, da me za a kwatanta? O, wane sakamako za a auna? Wasu na ƙara T don wa'adi, ni ma ina tare da su.

P na farko da ta rubuta shi ne yara masu tamowa. Wannan ya yi faɗi. Yaron da ya ƙi cin abinci, ko mai zazzaɓi mai zafi, ko wanda duk jikinsa ya kumbura, kwantar da shi ake yi, ba ya cikin masu zuwa su koma gida. Sai muka taƙaita: yara 'yan wata 6 zuwa 59, waɗanda awon damtsensu ya gaza milimita 115, wato tef ya nuna ja, ba su da wata cuta mai tsanani, kuma sun ci abincin gwaji a gaban nas. A nan Gobir akwai ƙarin magana. Yaron da gidansu ke cikin garin Isa da yaron da uwarsa ta gudo da shi daga ƙauye suna kwana a makaranta ko gidan dangi, halinsu ba ɗaya ba ne. Ko dai ku zaɓi ɗaya, ko ku rubuta tun farko cewa za ku ƙidaya su daban.

I da C tare suke tafiya. A tsarin da aka saba, uwa na kawo yaro duk mako, a auna shi, a duba shi, a ba ta abincin mako guda. Wannan shi ne C ɗinmu. Ku kiyaye: ba a kwatantawa da yaran da aka hana magani, babu kwamitin ɗa'ar bincike da zai sa hannu, kuma bai kamata ya sa ba. Sabon abin da ɗalibar ke so ta gwada, wato I, shi ne zuwa duk mako biyu, don matar da ke tasowa daga wajen Gatawa ko Bafarawa ta rage hawa hanyar da kowa a nan ya san haɗarinta. Amma rubuta mako biyu kawai bai isa ba. Za a ba ta abincin mako biyu a lokaci guda? Za a ba ta tef a koya mata awon damtse da danna ƙafar yaro don gane kumburi? In za a yi, ya shiga cikin I, domin in an ga sauyi a san me ya kawo shi. Koyar da iyaye mata awo ba sabon abu ba ne, ƙungiyar ALIMA ta gwada shi a yankin Mirya na jihar Damagaram, aka ga ba su gaza ma'aikatan lafiya na ƙauye ba wajen gano yaran.

A kan O zan daɗe, don a nan ake faɗuwa. Ɗalibar ta rubuta: raguwar masu daina zuwa. Da jin sa daidai ne, ai shi ne kokenta. Sai na ba ta wani bincike da aka yi a nan Jihar Sakkwato, aka buga a mujallar PLOS Medicine a 2022. A cibiyoyin lafiya goma, da yara kusan 4,000, an kwatanta zuwa duk wata da zuwa duk mako. A tsarin wata-wata masu daina zuwa sun ragu. Amma waɗanda suka warke ma sun ragu, kuma da aka ci gaba da bibiya har wata uku bayan sallama, mace-mace sun fi yawa a ɓangarensu. Ku duba da kyau. Da masu binciken sun ɗauki O irin na ɗalibata, da sun rubuta cewa tsarin ya yi nasara, da an baza shi ko'ina, alhali yara na cutuwa. A ganina dalilin bai ɓuya ba: yaron da gudawa ta kama a mako na biyu ba wanda zai gan shi sai ƙarshen wata, kuma abincin wata guda a gidan da ake yunwa da wuya ya tsaya a bakin yaro ɗaya.

Saboda haka muka mai da warkewa babban sakamako, muka kuma fayyace ta: damtse ya kai milimita 125, babu kumburi, a awo biyu a jere. Daina zuwa, kwantarwa a asibiti da mutuwa suka zama sakamako na biyu. Akwai kuma wani tarko namu na bakin iyaka. Yaron da rajista ta ce ya daina zuwa, wataƙila iyayensa sun tsallaka Maraɗi, wataƙila ya warke, wataƙila an binne shi. In ba ku tanadi hanyar bin sawu ba, ta waya ko ta hannun mai unguwa, mamaci zai ɓuya a layin waɗanda suka daina zuwa, lissafinku ya yi kyau a takarda kawai. Alamar haka ita ce ku ga mutuwa kusan babu, masu ɓacewa kuwa tuli.

Ga yadda tambayar ta tsaya: a tsakanin yara 'yan wata 6 zuwa 59 masu tamowa mai tsanani da ba ta haɗu da wata cuta ba, a cibiyoyin lafiya na Isa da Sabon Birni, shin zuwa duk mako biyu tare da koya wa uwa awon damtse, in an kwatanta da zuwa duk mako, yana ba da warkewar da ba ta gaza ba cikin mako 12? Ku lura, ba ta ce ya fi ba. Ba ma sa ran ya fi, muna so ne mu san ko sauƙin da uwa za ta samu bai zo da asara ga yaro ba, kuma wannan irin tambaya tana bukatar yara da yawa, sai a zauna da masanin ƙididdiga tun kafin a fara.

Daga tambayar kalmomin nema ke fitowa. A PubMed ɗalibar ta buga P da I kaɗai, don cusa duka huɗun yakan kore maƙalu masu amfani:

```
"severe acute malnutrition" AND (biweekly OR fortnightly OR monthly)
```

Tsarin yana da iyaka. In abin da kike so ki sani, Malama, shi ne me ya sa uwa ta daina zuwa, ko miji ne ya hana, ko kuɗin babur, ko tsoron hanya, wannan binciken hira ne, babu I babu C, kada ki tilasta shi cikin PICO. Sannan ɗalibi shi kaɗai ba shi da ikon sauya ranakun zuwan yara, sai da izinin hukumar lafiya da na kwamitin ɗa'a. Ko da izinin, cibiya-cibiya ake rabawa, domin mata biyu a benci ɗaya ba za su yarda ɗaya ta tafi da abincin mako biyu ɗaya da na mako guda ba. Ɗalibar tawa wata shida ne kacal gare ta, sai ta riƙe P da O yadda suke, ta koma kan tsofaffin rajistoci tana kwatanta yaran cikin gari da na ƙauyukan nesa.

Shugaban taro, a nan zan dakata don tambayoyi. Duk mai taken bincike a aljihu ya karanto, mu sa shi a allo.