Abubakar, Bukar da Garba: bin sawun suna zuwa asalinsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu sauraro a Difa da garuruwan bakin Komadugu, wani bawan Allah ya zo mini bayan tarawihi da damuwa. Ya yi niyyar aikin hajji, sai aka tarar takardar haihuwarsa ta ce Boukar, katinsa na ɗan ƙasa kuma ya ce Aboubacar. Ya ce: “Malam, wanne ne sunana na yanka?” To, mu bi sawun sunan tare.

Da farko a mayar da suna cikin haruffan Larabci, domin can ne gidansa. Abubakar kalmomi biyu ne, Abu da Bakar. Alkunya ce ta Siddiƙu, Allah Ya yarda da shi, wanda sunansa Abdullahi ɗan Abu Ƙuhafa. Sai a ajiye Abu, wato uba ko ma'abuci, a ciro tushen abin da ya rage: ba, kaf, ra.

Sa'an nan a buɗe Ƙamus na Fairuzabadi. A nan almajirai ke ɓata, domin shi da harafin ƙarshe yake jera kalmomi. Ka nemi babin ra, ka shiga fasalin ba. Za ka iske bakar shi ne saurayin raƙumi, irin wanda kuke gani a kasuwar Ngigmi. Tushen yana ɗauke da ma'anar sammako da farkon abu. Daga gare shi aka sami bukura, wato sassafe.

Ku kiyaye harafi ɗaya. Kaf ne, ba ƙaf ba. Wanda ya rubuta da ƙaf ya koma kan shanu, domin baƙar a Larabci shanu ne.

Bambancin kira kuwa, harsuna ne suka kawo shi. Barebari suka taƙaita suka ce Bukar, Fulani suka ce Buba, Hausawa suka ce Habu ko Garba. Kada ka wahalar da kanka neman Garba a Ƙamus, ba ya ciki. Wannan dattawan gida ake tambaya: da wane suna liman ya yi huɗuba ranar suna? Haka rubutun boko: mai alƙalamin Faransanci ya sa Aboubacar ko Boubacar, na ƙetaren kogi, a Damasak, ya sa Abubakar.

Na ce wa mutumin nan sunansa ɗaya ne a wurin malamai, amma ma'aikacin fasfo haruffa yake ƙirgawa, ba ma'ana ba. Saboda haka, ya ku iyaye, ranar da za ku yanki takardar haihuwa, ku sa a karanta muku abin da aka rubuta, ku riƙe wannan rubutu ɗaya a makaranta da kati da fasfo.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya karɓi azuminmu, Ya raya zuriyarmu bisa tafarkin masu sunayensu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.