Goggo da Ɗigo Uku: Yadda Za Ka Nuna wa Na Gida Abu a Waya Daga Nesa

Yau da Goggona zan fara, ƙanwar mahaifina da ke Funtua. Atamfa da turaren wuta take sayarwa, kuma kusan duk cinikinta ta WhatsApp yake tafiya. Wata Asabar ta kira ni a ruɗe. Wayarta ta cika, wata mata ta turo mata hoton shaidar biyan kuɗin turmi uku, hoton ya ƙi buɗewa, matar kuma na jiran a sa kayan a mota. Ga data da take saya ba ta kwana uku.

Na san matsalar tun kafin ta gama bayani. Tana cikin guruf-guruf sun kai ashirin, na 'yan uwa, na islamiyya, na adashe, kuma wayar da kanta take sauke duk abin da aka jefo. Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Amma ni ina Kaduna, sai muka fara ta baki.

"Goggo, ki duba sama ta hannun dama, akwai ɗigo uku."

"Ɗan nan, ni ban ga wani ɗigo ba."

Wallahi mun yi minti ashirin a haka. Ashe tana cikin hirarta da matar nan ne, ni kuma ina maganar shafin farko. Da ta ga ɗigon ta danna, sai jerin da ya fito mata ya sha bamban da wanda nake karantowa. Kowa yana da gaskiya, amma ba abu ɗaya muke kallo ba.

To abin da na koya na farko ke nan: kafin ka nuna, kai ka fara gani. Ka sa mutum ya turo maka hoton fuskar wayarsa, wato sikirinshot. Wannan kaɗai ne abin da sai dai ka koyar da baki, kuma da sauƙi. A kusan kowace Android, maɓallin kunna waya da na rage sauti ake dannawa tare, a riƙe kamar daƙiƙa ɗaya, allon ya yi walƙiya. Inda manyanmu ke kuskure shi ne su danna ɗaya kafin ɗaya, sai ma'aunin sauti ya fito ko allon ya mutu. A yawancin Tecno da Infinix akwai hanya mafi sauƙi, a ja yatsu uku daga sama zuwa ƙasa. A iPhone marar maɓallin gida kuwa, maɓallin gefe da na ƙara sauti ne.

Da hoton Goggo ya iso, nan take na ga inda ta maƙale. Na kuma tabbatar tsarin WhatsApp ɗinta iri ɗaya ne da nawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mai iPhone Settings ɗinsa a ƙasa yake, ba a cikin ɗigon nan uku ba. In ka yi masa bidiyo da Android, ka ƙara ɓatar da shi ne kawai.

Sai na ce bari in yi mata bidiyo. Tun daga Android 11, wadda ta fito a 2020, akwai abin ɗaukar bidiyon allo a cikin wayar, ba sai ka sauke wata manhaja ba. Ka ja allon daga sama sau biyu, ka nemi Screen record ko Screen recorder. In ba ka gan shi ba, danna alamar fensir ka jawo shi cikin jerin. Masu iPhone suna da shi tun iOS 11, a cikin Control Center.

Bidiyona na farko, kunya kawai. Bari in faɗa muku abin da na ɓata, don kada ku maimaita.

Ban kunna makirfo ba. Na yi ta bayani tsakanina da Allah, ashe bidiyon shiru ne. Sannan ba a ganin inda yatsana ya taɓa, shafi ne kawai ke canzawa kamar siddabaru. Wayoyi da yawa suna tambayarka kafin su fara ɗauka: ka zaɓi Microphone, ka kunna Show touches on screen, ko Show taps and touches in Samsung ce. Da shi, wani ɗan farin da'ira zai riƙa bayyana duk inda ka danna. A iPhone sai ka danne alamar ɗaukar ka riƙe, sannan zaɓin Microphone ya fito, kuma ita ba ta nuna wurin taɓawa haka kawai, don haka bakinka ne zai yi aikin.

Bidiyon kuma ya yi minti huɗu, saboda na tsaya neman abu a ciki. Ku yi lissafi da ni. In wayarka tana ɗauka a kan 8 Mbps, duk daƙiƙa ɗaya MB ɗaya ke nan. Minti ɗaya MB 60, minti huɗu MB 240. Ni kuma don kada rubutun ya dushe sai na tura shi a matsayin Document, wanda WhatsApp ba ya matse shi. Mace na kukan data da cikar waya, na aika mata MB 240. Bai ma sauku ba, kuma Allah ne ya rufa asiri, domin da na sake kallonsa sai na ga saƙon banki ya faɗo daga sama a tsakiyar ɗaukar, da ragowar kuɗin asusuna ɓaro-ɓaro. Na san Goggo. In abu ya yi mata amfani, sai ta tura wa guruf ɗin 'yan uwa "don kowa ya amfana". Na goge shi da sauri.

Wannan na saƙon banki, don Allah ku ɗauke shi da gaske. Duk abin da ya bayyana a allo lokacin ɗauka, ya shiga bidiyon: lambar sirri ta OTP, sunan wanda ya kira ka, farkon saƙon wata ko wani. Kunna Do Not Disturb kafin ka fara, sannan ka kalli bidiyon daga farko har ƙarshe kafin ka tura. In WhatsApp kake nunawa, jerin hirarrakinka ne abu na farko da zai fito, to ka yanke wannan wurin ko ka tabbatar babu abin da ba ka son dangi su karanta. A sikirinshot kuma, yankewa ta fi shafewa. Akwai alƙalamin da launinsa shara-shara ne, ka ga kamar ka rufe lamba, amma in aka ƙara hasken hoton sai ta leƙo. Abin da ka yanke kuwa ya tafi.

Na sake ɗauka. Wannan karon sai da na bi hanyar sau biyu ni kaɗai, har hannuna ya saba. Na fara daga inda ita za ta fara, wato fuskar waya, ba daga tsakiyar manhaja ba. Goggo Hausar boko take karantawa, Turanci sai a hankali, don haka ban dogara da suna ba, wuri da siffa nake faɗa. Na ce, "Goggo, ki buɗe WhatsApp, kada ki shiga hirar kowa. Ga ɗigo uku can sama ta dama. Ki danna. Ga Settings a ƙasan jerin." Na tsaya daƙiƙa biyu. "Yanzu ki sauka zuwa Storage and data, ga shi inda farin da'irar nan take." Daga nan When using mobile data, a cire alamar da ke gaban Photos, Audio, Videos da Documents, a danna OK. Haka kuma a When connected on Wi-Fi, saboda ɗanta yakan kunna mata nasa hotsifot, wayar kuma Wi-Fi take ɗaukarsa, nan ne manyan bidiyon ke kwararowa. Duka daƙiƙa hamsin. Na tura shi a matsayin bidiyo na yau da kullum, WhatsApp ya matse shi ya koma 'yan MB kaɗan, kuma rubutun na karantuwa.

Na zaci an gama. Bayan sallar la'asar sai ga muryarta: "Na kalla, na gane. Amma da na fita in yi, sai in manta na uku."

Nan na fahimci abin da ban taɓa tunani ba. Waya ɗaya gare ta. A kanta take kallon bidiyon, a kanta kuma za ta yi aikin, kuma duka biyun a cikin WhatsApp. Ba za ta iya kallo tana yi lokaci guda ba. Dole ta haddace, ta fita, ta gwada, ta dawo ta nemi inda ta tsaya. Mu da muka saba ba ma jin wannan wahalar.

Shi ya sa yanzu nake haɗa biyun. Bidiyo yana nuna tafiyar, hoto yana riƙe wurin tsayawa. Na ɗauki sikirinshot biyar, ɗaya ga kowane mataki. A kowanne na zagaye abu ɗaya tak da jan alƙalami, na rubuta lamba babba a jikin hoton, 1 zuwa 5. A jikin hoton nake cewa, ba a ƙasansa ba, domin in ta buɗe shi daga ma'ajiyar hotuna rubutun ƙasa ba ya biyo shi. Na kuma tura su zuwa wayar jikarta, ta riƙe mata tana kallo, ita tana dannawa a tata. Inda babu waya ta biyu, ka raba bidiyon gida biyu ko uku, kowanne kada ya wuce matakai biyu.

Wani zai ce me ya sa ba ku yi amfani da raba allo ba, tunda WhatsApp ya kawo shi a kiran bidiyo tun 2023? Yana aiki, in netwok na da ƙarfi a ɓangarorin biyu. Amma ni ban koya wa Goggo ba, da gangan. Wanda ka raba wa allo yana ganin abin da ke faɗowa a wayarka a lokacin, kuma 'yan damfara sun san haka. Gara ta saba da hoto, wanda za ta iya dubawa kafin ta aika. Haka kuma in abin da za ka nuna na manhajar banki ne, kada ka yi mamaki in bidiyon ya fito baƙi ƙirin ko wayar ta ƙi ɗaukar hoton. Ba lalacewa ta yi ba, manhajar ce ta toshe don tsaro. A nan sai dai ka zana a takarda, ko ka bari sai kun haɗu.

Da ta gama, ban yarda da "na yi" ba. Na ce ta turo min sikirinshot na shafin Storage and data. Ya iso, na ga No media a ƙarƙashin layukan biyu. Amma wannan sabbin kaya kawai ya tare, tsofaffin na nan daram, hoton shaidar biya kuma har lokacin bai buɗe ba. Sai na ƙara mata hotuna uku na Manage storage, inda WhatsApp ke ware abubuwan da suka haura MB 5 da waɗanda aka yi ta turawa. Na ja mata kunne kada ta danna Select all, domin hotunan atamfofinta na ciki. Ta goge bidiyon biki da na barkwanci ɗaya bayan ɗaya, hoton ya buɗe, kayan suka bi motar safiyar Lahadi.

Jiya ta turo min wani sikirinshot ba tare da na tambaya ba, ta zagaye wani saƙo da ja: wai an ce ta danna ta karɓi tallafi, gaskiya ne? Na ce Goggo, kada ki taɓa, goge shi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allahu.