Shayin kirfa da kanumfari a lokacin mura: jawabin da aka yi a taron ƙungiya



Ɗari ya shigo, iska ta taso da ƙura, mura da tari sun shiga gidaje. A irin wannan lokaci kusan kowace uwargida tana ɗora tukunyar shayi da kirfa da kanumfari da citta. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana bisa abu uku: abin da shayin nan yake yi wa mai mura, irin kirfar da muke saye a kasuwa, da kuma gwargwadon da ya kamata a zuba a tukunya.

Mu fara da murar kanta. Ƙwayoyin cuta ne ƙanana ƙwarai, waɗanda likitoci ke kira birus, suke kawo ta. Takan yi kwana 7 zuwa 10 ta wuce da kanta, ko an sha magani ko ba a sha ba, sai dai tarin yakan ɗan daɗe bayanta. Shayin kirfa ba ya kashe wannan ƙwayar cuta, kamar yadda allura da antibiyotik ba su kashe ta. Amma yana da nasa amfani. Ruwan zafi yana sassauta majina, yana jiƙa maƙogwaro, yana mayar wa jiki ruwan da ya rasa. Kanumfari kuma yana da wani mai a cikinsa da ake kira ujenol, wanda ke kashe zafi a wurin da ya taɓa. Shi ne dalilin da ya sa mai ciwon haƙori ke danna ƙwayar kanumfari a dasashi, shi ne kuma ke kwantar da ƙaiƙayin maƙogwaro na ɗan lokaci. Zuma tana rage tarin dare. Ashe shayin sauƙi yake kawowa kafin jiki ya gama yaƙinsa. Wanda ya fahimci haka ba zai riƙa ƙara kirfa bisa kirfa ba yana neman waraka cikin dare ɗaya.

To, sai maganar kirfa. Kirfa ɓawon itace ne, kuma iri biyu ne manya. Akwai ta ƙasar Siri Lanka, tsibirin da ake kira Silan kafin 1972. Akwai kuma wadda ake kira kasiya, da ake kawowa daga Sin, Biyetnam da Indunusiya. Ta biyun ta fi araha, ta fi yaji, ita ce kuma ta fi yawa a kasuwannin duniya. Ga yadda ake rarrabe su. Ta Silan ɓawonta siriri ne kamar takarda, an naɗe shi fallaye da yawa ciki da ciki kamar naɗin taba, launinta ƙasa-ƙasa mai haske, kuma tana marmashewa in an murza ta da yatsu. Kasiya kuwa ɓawo ɗaya ne mai kauri, ja mai duhu, tsakiyarsa rami, ba ya karyewa sai da ƙarfi. In an riga an daka ta ta zama gari, ido ba ya iya rarrabewa. Don haka garin da ba a rubuta asalinsa ba, a ɗauke shi a matsayin kasiya.

Me ya sa muke rarrabewa? Saboda a cikin kasiya akwai wani sinadari mai ƙamshi da ake kira kumarin. Ba wani ne ya zuba shi ba, haka Allah ya halicci itacen da shi. A cikin ta Silan ɗan kaɗan ne ƙwarai, a cikin kasiya kuwa yana da yawa. Kumarin ta hanta yake bi, kuma in ya yi yawa yau da gobe yana iya ɓata ta. A 1954 ƙasar Amirka ta hana zuba shi a abinci bayan an ga ya lalata hantar dabbobin gwaji. Daga baya an yi amfani da shi a matsayin maganin kumburin ƙafa da hannu, sai aka ga wasu daga cikin masu shan sa hantarsu ta taɓu, har wasu ƙasashe suka janye shi cikin shekarun 1990. Ba kowa yake kamawa ba. Mutane kaɗan ne jikinsu ba ya jure shi, amma mutum ba ya sanin ko yana cikinsu sai abin ya faru. Abin godiya shi ne, galibi hanta tana farfaɗowa in an daina sha.

A 2004 hukumar kula da lafiyar abinci ta ƙasashen Turai ta tsai da iyaka: miligaram 1 na kumarin a rana ga kowane kilo 10 na nauyin mutum. Miligaram shi ne kashi ɗaya cikin dubu na garam. Ke nan mai nauyin kilo 60 iyakarsa miligaram 6 a rana, yaro mai kilo 15 kuwa miligaram ɗaya da rabi. Masanan ƙasar Jamus da suka auna kasiya sun samu cewa, a matsakaici, kowane garam ɗaya yana ɗauke da kamar miligaram 3, wata ma ta ninka haka har sau uku. In muka haɗa lissafin, babba mai kilo 60 ya kai iyakarsa da garam 2 na kasiya, yaron nan kuwa da rabin garam. Ƙaramin cokalin shayi da aka cika da garin kirfa aka share kansa yana ɗaukar kamar garam biyu da rabi. Kun ga cokali ɗaya ya riga ya wuce rabon babba na yini guda.

Bari mu kawo misali da tukunyar gida. Uwargida ta zuba ruwa litar ɗaya, ta jefa sandar kasiya biyu, kowace garam 4. Garam 8 ke nan, sau 3, ya ba da miligaram 24. Tafasa ba ta kashe kumarin, fitowa yake yi ya shiga ruwa, kuma yawan dahuwa yawan fitarsa. Don kiyayewa, mu ɗauka duka ya fito. Litar ɗaya tana ba da kofi 5, ke nan kowane kofi yana da kusan miligaram 5. Maigida mai kilo 60 in ya sha kofi ɗaya bai kai iyaka ba. In ya sha safe da rana da dare, ya sha fiye da miligaram 14, wato ya ninka iyakarsa har da ɗori. Yaron mai kilo 15 da aka ba rabin kofi ya sha kusan miligaram biyu da rabi, shi ma ya zarce nasa.

Gyaran ba shi da wuya. A karya sanda ɗaya biyu, a sa rabi, garam 2 ke nan a cikin litar. Yanzu tukunyar duka tana da miligaram 6. Maigida ya sha kofi uku bai kai miligaram 4 ba, yaro ya sha rabin kofi bai kai ko rabin iyakarsa ba. In ba ma'auni, a daka ɓawon a auna da ƙaramin cokali, kada a cika shi. A ƙara kanumfari ƙwaya 4 ko 5 da ɗan yankin citta, a bari ya tafasa kamar minti 10 a rufe, a sauke, a tace. In ya ɗan huce sai a sa zuma da lemun tsami. Wanda ya samu ta Silan, ba ya bukatar wannan lissafi sosai.

Kada wani ya tsorata ya ce ya sha shayi mai ƙarfi kwana uku, hantarsa ta lalace. Iyakar nan an tsai da ita ne don abin da mutum zai iya sha kullum tsawon rayuwarsa, kuma zarce ta na ƴan kwanaki ba a ɗauke shi haɗari ga mai lafiya ba. Inda tsoron yake shi ne wanda ya mai da abin al'ada. Ga mai gadi ko direba da ke shan shayi mai kirfa dare duka, wata da watanni. Ga dattijo mai ciwon sukari da aka gaya wa ya riƙa shan cokalin garin kirfa safe da yamma: wannan garam 5 ne a rana, miligaram 15, ninki biyu da rabi na iyakar mai kilo 60. Kirfa kuma ba ta maye gurbin maganin sukari da likita ya rubuta.

Akwai waɗanda ya kamata su bar kasiya a shayi gaba ɗaya, ko su tambayi likita tukuna. Na farko mai ciwon hanta, kuma mun san ciwon hanta da ake kira epatit B ya yawaita a ƙasarmu, da dama suna ɗauke da shi ba su sani ba. Na biyu mai shan maganin tarin fuka, domin magungunan nan da kansu suna wahalar da hanta. Haka nan mai shan giya, da wanda ke haɗiyar parasetamol fiye da ƙa'ida. Mace mai ciki ta tsaya ga ɗan abin da ake sa wa a abinci. Alamomin da ke nuna hanta ta taɓu su ne: ido ya yi ɗorawa kamar na mai shawara, fitsari ya yi duhu, kasala, tashin zuciya da ƙin abinci, da ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Wanda ya ga haka ya daina sha nan take, ya tafi likita, ya kuma faɗi abin da yake sha da yawansa.

Game da kanumfari, ƙwayarsa a shayi ba ta da laifi. Abin kiyayewa shi ne man kanumfari na ƙaramar kwalba da ake saye don ciwon haƙori. An sha samun ƙananan yara da suka sha cokali ɗaya ko biyu na wannan mai, suka suma, hantarsu ta lalace. Ba a shan sa, ba a ɗiga shi a shayi, kuma a ajiye shi inda hannun yaro ba ya kai.

Iyaye mata, jariri da bai kai wata 6 ba nono kaɗai ya ishe shi, ba shayi ba ruwa. Wanda bai cika shekara ba, ba a ba shi zuma. Kuma akwai lokacin da za a ajiye tukunya a kama hanyar likita: in yaro yana numfashi da sauri, sau 50 a minti ga mai wata 2 zuwa shekara, ko sau 40 ga mai shekara 1 zuwa 5, in ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, in ya kasa tsotso ko sha. Zazzaɓi mai zafi a je a gwada jini, kada masassarar cizon sauro ta ɓuya bayan mura. Zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya a wannan lokaci na rani, a yi zaton sanƙarau, kada a kwana. Tarin da ya wuce mako biyu, a kai kaki a auna.

Roƙonmu ga ƴan uwa masu aiko da kayan ƙamshi daga birni ko masu dawowa daga Makka shi ne, su sayi sanda maimakon gari, su duba naɗinta, su kuma gaya wa na gida irin wadda suka aiko. A taro mai zuwa duk wanda ke da kirfa a gida ya zo da sanda ɗaya, za mu kawo ma'auni mu auna tare, kowa ya ga girman garam 2 da idonsa.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya mai da baƙinmu gidajensu lafiya. Wassalamu alaikum.