Tambaya Biyar, Amsa Ɗaya



Kwanan baya wani ƙanena da ke shekarar ƙarshe a jami'a ya zo mini da ƙorafi, wai malamin da ke duba kundinsa ba ya amsa wasiƙa. Na ce ya nuna mini abin da ya aika masa ta imel. Bayan gaisuwa, ga abin da na gani:

"Ranka ya daɗe, na gama babi na uku, shin in turo shi yanzu ko in jira in haɗa da na huɗu, kuma ban tabbata ba ko mutum 120 sun isa a raba wa takardar tambayoyi, sannan wace rana zan same ka a ofis, da ƙarfe nawa, domin akwai fom da ke bukatar sa hannunka kafin Juma'a."

Amsar malam kuwa kalma uku ce: "Ka zo Laraba."

To, jama'a, malam bai yi laifi ba. A waya ya karanta, watakila yana tafe tsakanin aji da aji, idonsa ya faɗa kan tambayar da ta fi sauƙi, ya amsa ta, ya ɗauka ya sallami yaro. Alhali kuwa bukatu biyar ne cunkushe cikin jimla ɗaya, ga shi taura biyu ma ba ta taunuwa, balle biyar.

Abin da muka fara yi shi ne ƙirga bukatun. A nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin alamar tambaya suke ƙirgawa. Ku dubi maganar mutum 120. An lulluɓe ta da "ban tabbata ba", har ta yi kama da labari. Maganar fom kuma, wadda ita ce ta fi gaggawa, an rataye ta can a wutsiya kamar dalilin ziyara kawai. Mu Hausawa kunya kan sa mu kewaya haka in muna magana da babba, amma a rubuce babu murya ko fuska da za su nuna masa cewa roƙo ne. Saboda haka duk wurin da kake jiran mutum ya yanke hukunci ko ya aikata wani abu, wannan tambaya ce, sai a ba ta lambarta. Ga yadda wasiƙar ta koma:

"Ranka ya daɗe, ina roƙon amsa kan abubuwa huɗu. Na farkon yana da wa'adi.

1. Akwai fom da zan mayar wa sashe ranar Juma'a. Za ka iya sa mini hannu kafin nan?
2. Zan iya zuwa ofis Laraba da ƙarfe 10, ko Alhamis da ƙarfe 12. Wanne ya fi maka?
3. Na gama babi na uku. In turo shi yanzu, ko in jira na huɗu?
4. Na shirya raba takardar tambayoyi ga mutum 120. Sun isa?"

Kun ga biyar ta koma huɗu. Rana da lokaci hukunci ɗaya ne, shi ya sa muka haɗe su, muka kuma ba malam zaɓi maimakon mu bar shi da lalube. Da a ce yaron yana son sanin inda zai raba takardun, da wannan ta zama ta 5, don lamba mai ɗauke da tambaya biyu rabin amsa take samu. Faɗin adadi tun a sama shi ma da gangan ne: wanda aka ce wa huɗu, in ya amsa uku, shi da kansa zai ga saura.

Ma'aikatan da ke nan ba baƙi ba ne ga wannan. Wasiƙun gwamnati sun daɗe suna barin sakin layi na farko ba lamba, su fara daga 2, domin mai amsa ya ce "dangane da sakin layi na 3". Gaisuwa da ladabi suna nan a gurbinsu, ba a sa musu lamba.

Kada dai a zarce. In tambayoyi sun kai goma, a raba wasiƙa biyu ko a nemi ganawa. In kuma mutum uku aka aika wa, a rubuta sunan mai amsa a gaban kowace lamba, in ba haka ba kowa zai bar wa ɗan'uwansa.

Washegari malam ya amso: "1. I. 2. Laraba. 3. Turo." Ta huɗu shiru. Amma wannan karon yaron ya san abin da ya rage, sai ya rubuta layi ɗaya: "Na gode, ranka ya daɗe. Saura ta 4." Kafin la'asar amsa ta iso, cewa ya zo da lissafin da ya kai shi ga 120 su duba tare ran Laraba.