Idan Keke Ya Faɗa Rami

Jama'a, yau za mu yi magana a kan rim, watau ƙarfen nan da taya ke zaune a kansa. Da damina ruwa yakan cika ramukan hanya, ba a ganin zurfinsu. A ce wani manomi daga Tofa ya ɗauro buhun masara za shi kasuwar Janguza, sai ƙafar baya ta faɗa rami. Da ya fito ya ji birki yana kamawa yana saki. To, me zai yi?

Da fari ya sauke kaya, ya kifar da keken, ƙafafu sama. Sai ya dafa alli a jikin ƙarfen keken, dab da gefen rim, ya juya ƙafar sannu a hankali. Inda rim ya karkata, nan alli zai bar zane.

A ce zanen ya fito a dama, tsawon sifok huɗu, watau wayoyin nan da ke riƙe da rim. Wannan mai sauƙi ne. Mai gyara zai sassauta biyun da suka tafi dama, ya ɗaure biyun da suka tafi hagu, kowanne rubu'in juyi kurum, sa'an nan ya sake gwadawa. Mun sha ganin masu gaggawa suna yin juyi biyu ko uku gaba ɗaya, sai karkatar ta koma wani wuri. Amma in na hagu sun riga sun ɗauru tam, na dama suna lilo, ga zane bai ɓace ba, to, ƙarfen kansa ne ya lanƙwashe. Ɗaurin waya ba ya maganin wannan.

In rim ya loɓa, a gwada shi da mayen ƙarfe. In ya kama, baƙin ƙarfe ne, yana jure bugu. A cire taya, a sassauta wayoyin wurin, a ɗora bisa katako, a buga a hankali da guduma, da wani katakon a tsakani. In bai kama ba, alminiyan ne, shi kuwa in an matsa masa sai ya tsage.

Tsaga ita ce abin tsoro. A wanke rim, a duba bakin ramin kowane sifok, da ramin bawul, da mahaɗin ƙarfen. In ana shakka, a shafa kananzir, a goge sarai, a bi da garin alli. In da tsaga, kananzir zai tsattsafo ya ja baƙin layi siriri. Rim mai tsaga kada a miƙe shi, kada kuma a kai wa mai walda, gama zafin wuta yana raunana gefen ɗinkin, wata rana ya ɓalle da mutum da kaya a kai. A sayi sabo, mai ramuka daidai da na tsohon. Yawanci 36 ne, amma a ƙirga kafin a biya.